Jar wutar mai ba ta jiran ka isa gida

Wani maƙwabcina yana dawowa daga kasuwa jar wuta mai hoton butar mai ta kama a mitar babur ɗinsa. Ya duba ya ga saura tafiya kaɗan, ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba, injin ya buga, a baya aka turo mashin ɗin. Abin da galan ɗaya na baƙin mai zai magance ya koma sauke inji.

Ra'ayina shi ne, kuskurenmu ba rashin ganin wutar ba ne, ɗaukar su duka abu ɗaya ne. Alhali kowace da abin da take nema.

Mu fara da koriya mai harafin N. Ita sanarwa ce kawai cewa mashin yana firi, ba ya cikin giya. Amma ba na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin wani ɗan makunni ne a jikin inji yake kunna ta, kuma yakan tsufa ko wayarsa ta taɓa ƙarfe. Sai ka ga N tana ci alhali giya na ciki, ka saki kuloci mashin ya zabura cikin mutane. Don haka ko ta kama, saki kulocin a hankali, ɗaya hannun yana kan birki.

Ta biyu ita ce ta injekta, wadda ake rubuta FI ko a sa hoton inji, yawanci ruwan ɗorawa. Mashin mai kafireta ba shi da ita. Idan ka murɗa makulli za ta kama, ka ji famfon fetur yana ɗan ƙugi na daƙiƙoƙi, sannan ta mutu. Wannan lafiya ce. Idan ta ƙi mutuwa ko tana ƙyaftawa, kwamfutar mashin ce ta ga matsala. A yawancin baburan Honda ƙyaftawar ma lissafi ce: doguwa goma, gajera ɗaya. Gajeru 8 suna nuna na'urar da ke auna buɗewar totur. Doguwa ɗaya da gajeru biyu, wato 12, injektar kanta ce ko wayarta. Ka ƙirga ka kai wa bakanike lambar, ka rage masa lalube, ka rage wa aljihunka sayen kayan da ba su lalace ba. Muddin inji yana tafiya daidai, babu baƙuwar ƙara, kana iya zuwa gareji a hankali. Lamunin zuwa gareji ke nan, ba na yin wata guda a haka ba.

Ta uku, jar wutar mai, ita ce ba ta da lamuni. A yawancin baburan da suke da ita, ba cewa take mai ya ɗan ragu ba. Cewa take ƙarfin da ke tura mai cikin inji ya faɗi, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. Kamawarta kafin tayar da inji daidai ne, amma ta mutu da zarar ya tashi. Idan ta kama kana tafiya, kama kuloci, gangara gefen hanya, kashe inji nan take. Jira minti 3 zuwa 5 mai ya sauka, tsayar da mashin a miƙe a wuri mai daidai, ka duba geji ko gilashin mai. Idan ya yi ƙasa, ƙara har zuwa alamar sama, ka leƙa ƙarƙashi ko yana yoyo, sannan ka tayar. Idan kuwa man a cike yake amma wutar ta ƙi mutuwa, kada ka hau. Wataƙila famfon mai ne ko matacinsa ya toshe, wataƙila makunnin ne kawai, amma a bakin hanya ba za ka iya bambancewa ba. A tura shi ko a ɗauka.

Wani zai ce sau da yawa wutar ƙarya take, waya ce kawai. Gaskiya ne, hakan na faruwa, musamman bayan wanki ko ruwan sama. Amma in ka tsaya ya zama ƙarya ce, minti goma ka rasa. In ka wuce ya zama gaskiya ce, inji ka rasa. Shi ya sa nake ganin cire ƙwan wutar ko liƙe ta da salatif, kamar yadda wasu ke yi don kada ta dame su, ba gyara ba ne, toshe bakin mai gargaɗi ne.

Masu ƙananan babura da ba su da wutar mai kuma, gejin ne wutarku. Ku riƙa duba shi da safe kafin ku fita.

Allah ya tsare mana hanya.