Kashi 50 cikin 100 na mutum biyu, mutum ɗaya ne

Rahoton da ya ce rabin masu sanƙarau sun mutu a wata likita ta ƙauye zai tayar da hankalin gunduma baki ɗaya. Amma kafin ɗan jarida ya buga shi, wajibi ne ya tambaya: rabin mutum nawa?

A ɗauka CSI ta karɓi majinyata 2 a mako guda, ɗaya ya rasu. Kashi 50 cikin 100 ke nan. Mako na gaba ta karɓi 10, biyu suka rasu, lissafi ya sauka zuwa kashi 20. Wanda ya dubi kason kaɗai zai ce an samu sauƙi, alhali mamata sun ninka, masu cutar kuma sun ninka sau biyar.

Inda majinyata 2 ne, mutum ɗaya yana motsa lissafin da maki 50. Inda 200 ne, rabin maki kawai yake motsawa. Shi ya sa ƙaramin adadi ba ya ɗaukar kaso.

Ko hukumar lafiya ta duniya OMS ta san da haka. A yankin da mutanensa suka kai 30,000 zuwa 100,000, tana auna annobar sanƙarau da mutum 10 cikin 100,000 a mako. Inda ba su kai 30,000 ba, kai take ƙirgawa: mutum 5 a mako.

Ya kamata 'yan jarida su bi wannan sahu. A rubuta "mutum 1 cikin 2", a faɗi makon da wurin. Kason da aka ɓoye adadinsa yana iya sa iyaye su guji likita, ko mahukunta su yi sake.