Ba Gmail ke ƙin ka ba, kai ne ka aika da siffar ɗan damfara

Ka daina kukan cewa Turawa ba sa amsa saƙon 'yan Najeriya. Ba su ma ga saƙon naka ba balle su ƙi shi, yana can kwance cikin `Spam`, kuma da hannunka ka kai shi.

A ce kai mai fitar da riɗi da zoɓorodo ne zuwa ƙasashen waje. Ranar Litinin ka yi rajistar sabon domen da sunan kamfaninka, ranar Alhamis ka sayo jerin adireshi 1,000 na masu Gmail waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba, ka danna musu saƙo iri ɗaya cikin awa guda. A nan ka yi babbar ɓarnar. Google da Microsoft suna auna kowane domen ne da tarihinsa: saƙo nawa ya saba aikawa, ana amsa masa ko ana kai ƙararsa. Naka ba shi da tarihin komai. Baƙo ne ya sauka Dawanau yau da hantsi, bai gaisa da kowa ba, ya ce a loda masa tirela bashi. Wa zai ba shi? Su ma masu damfara haka suke yi, su sayi domen, su ƙona shi cikin kwana biyu su sayi wani, shi ya sa ƙungiyar Spamhaus ke da jerin da take saka sababbin domen na awa 24 na farko tun kafin su aikata komai.

Sannan ga lissafin da ba ka yi ba. Tun Fabrairun 2024 Google ta gindaya cewa kada yawan masu danna `Report spam` a kan saƙonninka ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. A cikin mutum 1,000 ɗin nan naka, mutum 3 kacal sun isa su kai ka bakin iyaka. Ƙara da matattun adireshin da ke cikin jerin da ka saya, waɗanda saƙo zai dawo daga gare su, kowanne yana shaida cewa ba ka san waɗanda kake rubuta wa ba.

Abin da ya kamata ka yi ba ɓoyayye ba ne, gajen haƙuri ne ya hana ka. Ka fara saita SPF da DKIM da DMARC, su ne shaidar cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito. Sai ka soma da saƙo kamar 20 a rana zuwa ga mutanen da ka san za su amsa, kana ƙarawa a hankali har tsawon makonni.

Yanzu dubi abin da ka rubuta. Kan saƙon da manyan baƙaƙe: `URGENT BUSINESS PROPOSAL`. Ka buɗe da `Dear Sir/Madam`, ka bi da `100% guaranteed`, ka ambaci miliyoyin daloli. Malam, wannan ai harshen 'yan 419 ne sak, kuma matatun saƙo sun yi shekara da shekaru suna koyon sa. Manhajar SpamAssassin tana ba kowace alama maki, tana da ƙa'idoji na musamman don irin wannan damfara, idan jimilla ta kai 5 ta yi wa saƙo tambari. Kalma ɗaya ba ta kashe saƙo. Kamfanin da aka sani zai rubuta `free` ya wuce lafiya. Kai da ba a san ka ba, ba ka da rarar da za ta shanye maka ko maki ɗaya.

Mahaɗan kuwa ka zuba su har bakwai: shafinka, WhatsApp, Facebook, Instagram, Google Drive, da guda biyu da ka gajarta da `bit.ly`. Matata tana duba sunan kowane domen da ke jikin saƙo, ɗaya ya zama mai baƙin jini ya ja sauran. Gajeren mahaɗi yana ɓoye inda ya nufa, kuma idan ka kunna bibiyar dannawa, manhajar aikawar kan musanya mahaɗanka da domen da kuke tarayya da dubban masu aikawa, har da ɓata-gari. Saƙon farko mahaɗi ɗaya ya ishe shi, na domen ɗinka.

Kafin ka sake danna wa kowa, aika wa kanka a Gmail, ka buɗe `Show original`. Idan ba ka ga `PASS` a gaban SPF da DKIM da DMARC ba, kada ka ɓata lokaci kan canza kalmomi. Idan duka sun wuce amma saƙon ya faɗa `Spam`, cire mahaɗan ka sake gwadawa. Idan har tsurar gaisuwa ma can take faɗawa, domen ɗin ne ya riga ya ɓaci, sai ka tsayar da aikawar gaba ɗaya, ka zubar da jerin da ka saya, ka koma kan 20 a rana.