Jarin N20,000: kar ka fara da POS

1/ 'Yan Kaura, Shinkafi da Zurmi, ku matso. Idan N20,000 ce kaɗai a hannunka, ba ajiya, ba wanda zai cike maka in ta narke, ra'ayina shi ne ka zaɓi sana'ar da kuɗinka ke dawowa kafin ka kwanta barci.

2/ Kowa POS yake hange. To mu yi lissafi. A ce kana karɓar N100 a kan kowace N5,000. Mutum huɗu sun kwashe tsabar kuɗinka kaf, ka samu N400, kamfani ma ya cire nasa. Daga nan sai zaman jiran inda za ka samo wasu takardun kuɗin.

3/ Kuma ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Mai na'ura ya zauna haka nan. Mai tuyar awara a bakin layi bai daina ciniki ba, don ciki ba ya jiran sabis.

4/ Haka sarin kaya daga kasuwar Shinkafi ta Alhamis. Akwai riba, amma sau ɗaya a mako kuɗinka ke juyawa, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Ƙaramin jari ba ya jure wannan.

5/ Ɗauki awara a misali. Kasko da mataci ka ara a gida. N5,000 ta tafi ga waken suya, niƙa, mai, yaji da itace na yini ɗaya. A ce ka sayar N6,500. Ribarka N1,500, uwar kuɗi ta dawo a ranar. Sauran N15,000 kar ka taɓa, ita ce gatanka ran da ruwan tsami ya yi yawa awara ta lalace.

6/ Wani zai ce N1,500 ai ba kuɗi ba ne. Gaskiya ba yawa. Amma asarar rana ɗaya N5,000 ce, kana da damar sake gwadawa har sau uku. Wanda ya zuba duka a kaya ɗaya, faɗuwa ɗaya ta gama da shi.

7/ Alamar matsala: kwantai kwana uku a jere. Rage yawan waken ko ka canza wuri. In kusa da Poli ta Kaura kake, ka sani ciniki zai faɗi in ɗalibai sun tafi hutu.

8/ Bashi kuwa, a'a, ko abokinka ne. Faranti biyar na "gobe zan ba ka" sun cinye ribar yini.

9/ In ka yi wata guda uwar kuɗi ba ta ragu ba, shiga adashin N500 kullum wurin wanda aka yarda da shi. Kwana 30, N15,000 ke nan. Lokacin sai mu yi maganar POS.

Wa ya taɓa farawa da ƙasa da haka? Me ka sayar?