Ba Madannin Waya Ke Juya Ajami A PDF Ba, Manhajar Canza Fayil Ce

Ɗalibin Islamiyya ya rubuta katin gayyatar walimar saukar karatu a wayarsa, Larabci a sama, Ajami a ƙasa. A fuskar waya komai daidai. Sai ya saka fayil ɗin a wata manhajar kyauta mai mayar da rubutu PDF, ya tura wa mai shagon buga takardu. Da aka buga kwafi ɗari biyu, haruffa sun rarrabu, kowanne na zaman kansa, kuma sun taso daga hagu. Kuɗin takarda ya tafi, ga walima gobe.

Mafi yawan mutane madannin waya suke ɗora wa laifi, su sauke wani. Wannan ɓata lokaci ne, domin matsalar tana wajen manhajar da ta haɗa PDF ɗin.

A ɗauki kalmar سلام. Waya tana adana ta ne harafi bayan harafi yadda aka danna su: س sai ل sai ا sai م. Kafin ta bayyana a fuska, dole a yi mata aiki biyu. Na farko, a jera haruffan daga dama zuwa hagu. Na biyu, a zaɓa wa kowane harafi siffarsa, ta farkon kalma, ta tsakiya, ta ƙarshe ko ta zaman kaɗaici, a kuma haɗe lam da alif su zama لا. Android da Chrome da LibreOffice duk suna yin wannan haɗin da wani inji mai suna HarfBuzz.

Shi kuwa PDF ba ya yin ko ɗaya cikin ayyukan nan. Abin da aka ba shi kawai yake riƙewa: ga siffa kaza, a ajiye ta a wuri kaza. Idan manhajar da ta haɗa shi don rubutun boko aka gina ta, za ta ajiye sin a hagu, mim a dama, kowanne a ware. Babu manhajar karanta PDF da za ta gyara wannan daga baya.

Ana iya gane ciwon daga alamarsa. Haruffa a rarrabe kuma a juye, manhajar ce ba ta iya haɗi ba. Ƙananan akwatuna a madadin wasu haruffa, salon haruffan da aka yi amfani da shi ne ba shi da su. Idan kuma PDF ya fito daidai amma ya juye bayan an mayar da shi Word, mai canzawar ce ta kwashe siffofin daga hagu zuwa dama yadda ta gan su a shafi.

Akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu rubuta manhaja: a musanya kowane harafi da siffarsa ta musamman da Unicode ya tanada, sannan a juya layin. Ga Larabci zalla tana iya rufa asiri, amma ga Ajami tarko ce. Harafin ڟ da ake rubuta sautin "ts" da shi ba shi da irin waɗannan siffofi, don haka kalmar za ta tsinke a daidai wurinsa. Wanda kuma ya juya layin da hannu, shekarar 1446 za ta koma masa 6441.

Rigakafin ba shi da wuya. A haɗa PDF daga manhajar da ta riga ta nuna rubutun daidai. A Chrome na Android, a buɗe shafin, a danna `Share`, sai `Print`, sannan a zaɓi `Save as PDF`. Don Ajami, a zaɓi salon haruffa irin Harmattan ko Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano. Dukansu kyauta ne. Mai gina shafi kuma ya faɗa wa burauza inda rubutun ya fuskanta:

```html
<p dir="rtl" lang="ha-Arab">سلام</p>
```

Wasu za su ce ai ɗaukar hoton fuska ya fi sauƙi. Gaskiya ne hoto ba ya juyewa, amma ba a iya neman kalma a cikinsa, kuma yakan yi dishi-dishi idan aka buga shi a babbar takarda.

Kafin a tura wa mai shago, a buɗe PDF ɗin a duba kalma guda mai lam da alif, da lamba guda, da harafin Ajami guda. A kuma adana fayil na asali, domin duk gyaran da ya taso a can za a yi shi, ba a cikin PDF ba.