Tsawon layi ba shi ne tsawon jira ba

Matar da ta hau babur daga ƙauye zuwa awon ciki a garin Karaye ko Rogo, tambaya ɗaya ce a ranta idan ta tarar da benci cike: yaushe za ta fita? Amsar da ta saba ji ita ce ta yi haƙuri. Alhali kuwa tambayar tana da amsa ta lissafi, kuma ya kamata sassan lafiya na ƙananan hukumomin biyu su mayar da wannan lissafi aikin yau da kullum.

Ana kiran ƙa'idar dokar Little, da sunan John Little, Ba'amurken da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar MIT, wanda ya tabbatar da ita a 1961. Masana suna rubuta ta L = λW. Ma'anarta ita ce, idan aka ɗauki matsakaicin adadin mutanen da ke wuri, aka raba shi da adadin masu shigowa a kowace awa, za a sami matsakaicin lokacin da mutum ɗaya ke shafewa a wurin.

A ƙaddara wata ƙaramar asibiti ce da ke aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, wato awa 6, rajistarta kuma ta nuna mata 72 sun zo. Ke nan mata 12 a kowace awa. A ce an sa ma'aikaci ɗaya yana ƙirga matan da ke harabar duk bayan rabin awa, matsakaicin ƙirgensa ya tsaya a 30. Idan aka raba 30 da 12, za a sami awa biyu da rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mata 30 da ke zaune tsawon awa 6 sun tara awa 180 na zama, kuma mata 72 ne suka raba wannan nauyi a tsakaninsu.

A nan ne ido ke yaudarar mai kallo. Layin rigakafi mai mutum 40 ya fi wancan tsawo, amma idan mutum 80 ke wucewa ta cikinsa a awa, jiransa rabin awa ne kacal. Jami'in da ya zo duba aiki ya ga cincirindo zai iya tura ƙarin ma'aikaci layin rigakafi, ya bar masu juna biyu suna zaune har azahar.

Sai dai ƙa'idar tana da sharuɗɗa. Na farko, dole lokacin ƙirgen ya fara harabar tana fayau, ya ƙare tana fayau. Idan mata sun fara taruwa tun ƙarfe 6, daga nan za a soma ƙirga, in ba haka ba awa biyun farko za su ɓace daga lissafi. Na biyu, ƙirge ɗaya da aka yi da hantsi, lokacin da aka fi cika, ba matsakaici ba ne, zai kumbura sakamakon. Na uku, wadda ta gaji ta tafi kafin a rubuta sunanta ta shiga ƙirgen benci amma ba ta shiga rajista ba. Alamar hakan ita ce lissafin ya nuna jira ya zarce abin da matan da aka duba suke faɗa da bakinsu.

Akwai masu cewa matsakaici yana rufe zalunci, kuma suna da gaskiya. Dokar ba ta damu da wa aka fara kira ba. Idan aka shigar da matar mai sanayya cikin minti goma, wata kuma ta yi awa biyar, lambar ba za ta motsa ba. Maganin wannan shi ne katin lamba a bakin ƙofa, a riƙa rubuta lokacin isowa da na fita ga wasu daga cikin matan. Amma gazawar matsakaici ba hujja ba ce ta zama babu ma'auni ko ɗaya.

Amfanin lissafin na gaske yana wajen yanke shawara. Idan ba a rage masu zuwa ba, jira ba zai ragu ba face adadin da ke zaune a harabar ya ragu tare da shi. Sabuwar rumfa da ƙarin benci ba sa taɓa wannan adadi. Abin da ke taɓa shi shi ne hanzarta aiki, ko raba lokacin zuwa: matan cikin gari da safe, na ƙauyuka masu nisa da hantsi. Matuƙar ungozoma na iya duba fiye da mata 12 a awa, irin wannan rabo zai rage taruwar. Idan matsakaicin ya sauko daga 30 zuwa 12, jira ya koma awa ɗaya.

Rajistar tana nan kan tebur. Abin da ya rage shi ne agogo, da takarda, da mutum ɗaya da zai leƙa harabar duk rabin awa.