Kwafar shafin littafi daga hoto: kada ka goge kowane karan ɗori

Duk mai karanta littattafan Hausa a WhatsApp ya san irin shafin da layukansa suka kakkarye, kalmomi suka rarrabu, har ba a gane inda maganar wani ta ƙare ta wani ta fara. An fi ɗora laifin a kan Google Lens. A ganina laifin na mai kwafar ne, domin manhajar layuka take karantawa, kai kuma labari kake son fitarwa. Danna Copy text rabin aiki ne, sauran rabin sai da idonka.

Abu na farko shi ne bambanta ƙarshen layi da ƙarshen sakin layi. A littafin da aka buga, layi yana ƙarewa ne don takarda ta ƙare, ba don marubuci ya gama magana ba. Fuskar waya ba ta kai faɗin takarda ba, saboda haka idan ka bar kowace karyewar layi yadda take, rubutun zai fito dogon layi ɗaya, guntu ɗaya. Idan kuma ka haɗe komai wuri guda, hirar mutum biyu ta zama dunƙule.

Littattafan labari galibi ba sa barin fili tsakanin sakin layi, don haka alamomin suna cikin hoton ne kawai. Duba layin da ya ɗan shiga ciki daga gefen hagu, da layin da ya tsaya bai kai gefen dama ba, da inda alamar zance ta buɗe wa sabon mai magana. Kafin ka taɓa komai, bi hoton ka sa layi ɗaya fanko a kowane irin wurin nan.

Sai batun karan ɗori, inda aka fi yin ɓarna. Ga misalin da na tsara:

```
Ta fito daga makaran-
ta tana tafiya sannu-
sannu, ta hangi mai rawa-
ni yana zuwa kai-
tsaye wurinta.
```

Karan ɗori huɗu ne a nan, amma ba iri ɗaya ba ne. Na farko na maɗaba'a ne, an sa shi don layi ya cika, sai a cire shi a samu "makaranta". Na biyu na kalmar ne, domin Hausa tana maimaita kalma da karan ɗori, kamar tafiye-tafiye da lokaci-lokaci. Na huɗu ma ya zauna, tunda "kai-tsaye" haɗaɗɗiyar kalma ce. Na uku shi ne mai tarko: "rawa" kalma ce, "ni" ma kalma ce, ma'anar jimlar ce kaɗai ta nuna cewa mai rawani ake nufi, ba mai tiƙar rawa ba. Wannan hukunci ba ya yiwuwa sai an karanta.

Wani zai ce ai ɓata lokaci ne, tunda Microsoft Word a kwamfuta yana iya gyara shafi ɗari cikin daƙiƙa. Gaskiya ne yana sauƙaƙa aikin, amma sai an bi tsari. Danna Ctrl+H ka yi waɗannan musanye-musanye bi da bi:

```
^p^p  →  @@
-^p   →  
^p    →  
@@    →  ^p
```

Mataki na farko yana ɓoye iyakokin sakin layi, na ƙarshe yana dawo da su. A na biyu ka bar akwatin musanya babu komai, kuma ka yi amfani da Find Next da Replace ɗaya bayan ɗaya. Inda karan na kalmar ne, goge karyewar layin kawai da hannu. Replace All a nan zai ba ka "sannusannu". A na uku ka sa tazara ɗaya a akwatin. Idan ka fara da shi kafin na biyu, za ka samu "makaran- ta". Idan Word bai sami komai ba, gwada ^l a madadin ^p.

A waya ma tsarin bai canza ba, da hannu ne kawai: sakin layi tukuna, sai karan ɗori, sannan haɗa layuka. Kada ka manta da layin ƙarshe na shafi, domin kalma kan tsallaka zuwa shafi na gaba, sai ka ɗauki hotonsa shi ma. Ka kuma cire lambar shafi da sunan littafin da ke sama, don sukan faɗo tsakiyar jimla.

Da ka gama, ƙirga sakin layin da ke hoton ka gwada da naka, sannan ka binciko karan ɗori mai tazara a bayansa. Ka duba ƙ, ɗ da ɓ, domin manhaja takan mayar da "ƙafa" ta zama "kafa". Kuma idan littafin yana kasuwa, nemi izinin marubucin kafin ka yaɗa shi.