Tsire ba kayan kwaɗayi ba ne: mu auna shi, mu ga bakin da ya fi cancanta

Akwai magana biyu da na gaji da ji a garin nan namu na Gure. Ta farko ta tsofaffi ce, wai in ka saba wa yaro da nama ka koya masa kwaɗayi, daga kwaɗayi kuma sai sata. Ta biyu ta ƴan boko ce, wai tsire maiƙo ne zalla, bai dace da yara ba. Masu maganar biyu ba su yarda da juna a kan komai ba, amma da magariba wuri ɗaya ake samunsu, gaban tukubar mai tsire. Su ci, su goge baki, su koma gida inda yara suka kwana da tuwon hatsi da miyar kuka. Ni malamin makaranta ne, aikina lissafi, don haka bari mu ɗora tsiren a kan sikeli.

Mu ɗauki ƙunshi guda wanda namansa gasasshe ya kai giram 100. Kafin a gasa shi, tsokar sa ce ta kimanin giram 140, domin wuta tana ƙone wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin nama, kuma mafi yawan abin da ke tafiya ruwa ne. Furotin, wato abin da ke gina jiki, ba ya bin hayaƙi. Tsoka ɗanya marar kitse tana da furotin wajen giram 21 a kowane giram 100, saboda haka namanmu yana ɗauke da kimanin giram 30. Kitsen da ke cikin tsokar kanta wajen giram 7 ne. Kabohaidiret kuwa, wato sitaci da sukari masu ba da ƙarfi, babu shi a nama.

Sai yajin tsire. Gindinsa garin ƙuli-ƙuli ne, wato gyaɗar da aka matse mai daga cikinta. Da yake an fitar da mafi yawan man, abin da ya rage furotin ɗinsa ya fi na gyaɗar kanta yawa, wajen kashi 40 cikin ɗari. Babban cokali biyu na garin, kimanin giram 20, suna ƙara furotin giram 8, kabohaidiret giram 6, maiƙo giram 4. Citta da barkono da gishiri da dunƙule ɗanɗano suke kawowa, ba sa canza wannan lissafi. Albasa rabin ƙwaya, giram 50, tana kawo kabohaidiret wajen giram 5, ba ta da maiƙo. Abu na ƙarshe shi ne man gyaɗar da ake shafa wa naman a kan wuta. Ƙaramin cokali biyu maiƙo ne giram 9.

In muka tara, ƙunshin yana da furotin giram 38, kabohaidiret giram 11, maiƙo giram 20. Kowane giram na furotin ko na kabohaidiret kalori 4 yake bayarwa, na maiƙo kuwa 9, jimilla kalori 376.

To, mai cewa tsire maiƙo ne zalla, ga amsarka: a nauyi, furotin ya kusa ninka maiƙo. Inda kake da gaskiya shi ne kusan rabin kalorin daga maiƙo yake fitowa. Amma dubi inda maiƙon ya samo asali. Giram 7 kawai saniya ta kawo, sauran 13 hannun mai tsire ne ya zuba. In kuma ya jera gutsattsarin farin kitse tsakanin tsoka, giram 20 na kitsen zai ƙara wajen giram 12 bayan wani ya ɗige a garwashi, kalorin ya haura 480. Ke nan maiƙon tsire abu ne da mai saye yake da iko a kansa. Ka ce a zaɓo maka tsinken tsoka, ka ce kada a ƙara mai wajen ɗumamawa. Ganewa ma ba wuya. Takardar da ta jiƙe har kana hango yatsanka ta bayanta, mai ya yi yawa. Tsiren da ya huce ya yi farin daskare a jikinsa, kitsen sa ne, domin man gyaɗa ba ya yin haka.

Yanzu mu zo ga yaro. Ɗan makaranta mai shekara takwas ko tara, mai nauyin kilo 25, yana buƙatar furotin kusan giram ɗaya a kowane kilo na jikinsa, wato wajen giram 23 a yini. Ƙunshin nan da uba yake cinyewa a tsaye cikin minti biyar ya wuce buƙatar yaron ta yini guda. A raba shi ga yara uku, kowanne ya samu kusan giram 13, fiye da rabin abin da jikinsa ke nema. Hatsi ma yana da furotin, wajen giram 11 a giram 100, sai dai yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda nama ke da shi da yawa. Shi ya sa ɗan yanka biyu ko uku a kan tuwo suke sa jiki ya fi amfana da furotin ɗin tuwon kansa. Ga kuma sinadarin ƙarfe mai gina jini, wanda hanji ya fi saurin ɗauka daga nama a kan ganye.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, tsire ba ya maye gurbin tuwo. Yaron nan yana buƙatar kalori wajen 1,700 a yini, ƙunshin gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma kabohaidiret giram 11 ba ya riƙe yaro a aji har azahar. Tuwo da fura da shinkafa su ne mai ba da ƙarfi, nama mahaɗi ne.

Za a ce mini nama tsada, wake ya fi araha. Haka ne, busasshen wake yana da furotin wajen giram 23 a giram 100, kuma gidan da ba shi da hali ya riƙe shi da ƙuli-ƙuli. Da wanda ba shi da kuɗin nama ba ni da faɗa. Faɗana da wanda ya riga ya fitar da kuɗin, ya sayi tsiren, sannan ya zuba shi a cikin da ya daina girma shekara ashirin da suka wuce. Muna zaune a ƙasar kiwo, shanun kasuwar Gidigir ana lodinsu zuwa Najeriya, amma kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, kuma jihar Damagaram tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani. A irin wannan wuri, hana yaro nama da sunan tarbiyya zalunci ne. Wane yaro ya fi kusa da buɗe tukunya a ɓoye, wanda ake ba rabonsa ko wanda yake jin ƙamshi a bakin ubansa kawai?

Iyaye, in kun tsaya a tukuba ku sa a ƙunshe muku da zafinsa, a rage barkono, a gida a zare tsinken a yayyanka wa ƙanana. Malamai ƴan uwana, wannan lissafi darasin kashi cikin ɗari ne na aji shida. Ku rubuta tsoka da yaji da albasa da mai a allo, ku bar yara su tara da kansu, sannan su kai wa iyayensu amsar a littafi.